Ɗaya-Biyu Ba Ya Jin Amsa-Kuwwa

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana haɗa lasifika a wuraren taro, kuma a duk waɗannan shekarun ba a taɓa jin ya faɗi wata magana a makirfo ba sai kalma biyu. Zai buga kan makirfon da yatsa, ya ce "ɗaya, biyu," ya karkata kai ya saurara, sannan ya koma bayan miksa, na'urar daidaita sauti, ya zauna. Daga nan sunan ya bi shi. Abokan aiki na ce masa Ɗaya-Biyu, yaran maƙwabta na cewa Kawu Ɗaya-Biyu, hatta matarsa in ya ɓata mata rai da sunan take kiransa.

Mutum ne mai ji da kunnensa. Yana iya shiga zauren taro ya tafa hannu sau ɗaya, ya faɗa maka inda za a ajiye lasifika da inda sauti zai dawo. In ka yi masa gardama sai ya dube ka ya ce shi da kunne yake cin abinci, kai da me kake ci? Ba mugu ba ne, amma zama da shi sai mai haƙuri. Aikinsa sa mutane a ji su, shi kuwa in magana ta zo kan abin da ke ransa, bakinsa ya ɗinke ke nan.

Wadda ta fi kowa shan wannan hali ita ce babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, wadda aure da aiki suka kai wani gari mai nisa. In ta kira shi a waya, hirar ba ta wuce minti biyu. Ya gida, ya aiki, ya maigidan, to ga mamanki. Shekara huɗu haka ake yi, shi yana jin kewarta har cikin ƙashinsa, ita tana zaton ta dame shi ne da kira.

Ita ce ta kawo maganar wasan. Ita da mijinta da wani abokin mijin da suke kira Dogo suna buga wani wasan yaƙi a kwamfuta duk ranar hutu bayan abincin rana. Mutum huɗu ake so a ƙungiya, su kuma uku ne. Ta ce Baba ya zo ya cike gurbin. Da farko ya ce shi ba yaro ba ne. Daga baya ta aiko masa da hedifon marar igiya, baƙi, mai kofuna biyu manya da makirfo ɗan siriri a jikin kofin hagu, sai ya ce tunda kayan sauti ne bari ya gwada ingancinsa. Ya share teburin ɗakin ajiyar kayansa, ya ture naɗaɗɗun kebul gefe, ya ajiye laftof tsakanin tsohuwar na'urar ƙara sauti da gwangwanin kusoshi.

Abin mamaki, a cikin wasan bakinsa ya buɗe. Da yake idonsa na kan allo, ba ya kallon kowa, ba kowa ke kallonsa, sai magana ta riƙa zuwa da kanta. Suna ɓoye bayan katanga suna jiran abokan gaba, ya ba ta labarin ranar da aka haife ta, yadda ya baro lasifika a kunne a tsakiyar taro ya ruga asibiti. Ta yi dariya har aka harbe ta. Sa'a biyun nan ta ranar hutu ta zama abin da yake jira tun farkon mako, ko da yake da ka tambaye shi cewa zai yi rakiya kawai yake yi wa yara.

Sai dai tun ranar farko hedifon ɗin ya fara ba shi kunya. Ya haɗa shi ta bulutus kamar yadda yake haɗa waya da rediyon mota. In ya danna kunamar bindiga, sai ya ga wuta a allo, ƙarar kuma ta biyo baya kamar wadda ta tsaya gaisuwa a hanya. Jinkirin bai kai rabin daƙiƙa ba, amma a wasan nan ya isa a kashe mutum kafin ya ji takun wanda ya kashe shi. Wani abin haushin kuma, in yana sauraron kiɗa sautin fes yake, amma da an buɗe hirar ƙungiya sai komai ya dusashe, ya koma kamar tsohuwar wayar tarho.

Ya ɗora laifin a kan sabis. Ya canja wurin zama, ya matsa kusa da taga, ya kashe wayar kowa a gidan, har matarsa ta tambaya ko ita ma ta daina numfashi. Surukinsa ne ya yi masa bayani a hankali, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, cewa bulutus yana tattara sauti ya matse shi kafin ya aika, shi ya sa yake makara, kuma in makirfo ya buɗe sai ya raba hanyar gida biyu, sautin ya ragu. Ya ce a duba kwalin, akwai wani ɗan abu mai kama da filas da ake sokawa a jikin laftof, wanda ke da tasa hanyar daban mai sauri.

Ɗaya-Biyu ya ce babu komai a kwalin. Matarsa ta shiga ɗaki ta fito da abin a tafin hannunta. Ta tsince shi a ƙasa ranar da ya yage kwalin, ta jefa a kwanon maɓallai. Ya karɓa bai ce an gode ba. Ya soka, jinkiri ya tafi, sauti ya buɗe, ya kuma shaida wa ƙungiya cewa daman abin da yake shirin dubawa ke nan.

Tsugune ba ta ƙare ba. Yanzu kuma sai suka ce ba sa jin sa sosai, muryarsa kamar daga cikin rijiya, ga kuma ƙugin fanka. Wannan ya gano da kansa, ya kuma yi kwana uku yana alfahari. Wasan ba makirfon hedifon yake ɗauka ba, ɗan makirfon jikin laftof yake ɗauka, wanda ke can kusa da fankar injin. Ya shiga saiti ya canja. Ƙugin ya tafi, amma murya ta ci gaba da zama ƙasa ƙasa. 'Yarsa na ta cewa, "Baba, ɗaga murya kaɗan," shi kuwa yana ta ihu har maƙwabciya ta aiko a tambaya ko lafiya.

To mai haɗa sauti in aka ce ba a jin makirfo, abu ɗaya hannunsa ya sani. Ya kai ƙarfin makirfon ɗari bisa ɗari. Ya ga wani ma'auni na ƙari a ƙasa, ya ture shi har ƙarshe. Ya kashe wani abu da aka rubuta wai yana hana amsa-kuwwa da hayaniya, saboda a ganinsa irin waɗannan abubuwan cinye murya suke yi, kuma don 'yan koyo aka yi su. Ƙarar kofunan kuwa daman tana can sama, don shi mutum ne mai son sauti ya cika kai.

Ranar hutun da ta biyo baya suka ji shi sarai. Suka kuma ji kansu. Duk wanda ya yi magana sai muryarsa ta dawo masa bayan ɗan lokaci. Dogo ya ce "dama," ya ji "dama." 'Yar ta ce "ku tsaya," ta ji "ku tsaya," ta ɗauka mijinta ke kwaikwayonta, suka ɗan yi cacar baki. Mutum ba ya iya magana yana jin kansa a makare, harshe sarƙewa yake yi. Cikin rabin sa'a ƙungiyar ta koma ta masu in'ina.

Ɗaya-Biyu shi kaɗai ne ba ya jin komai. A wurinsa sauti tsaf yake, kuma a nan ya kafa hujja. Ya ce tunda su ne ke jin amsa-kuwwa, kayansu ne suka lalace. Ya umarci surukinsa ya duba kebul, ya ce wa Dogo ya sayi hedifon na kirki, ya ba su lacca ta minti goma a kan yadda ake tsayar da makirfo nesa da lasifika. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Surukin ya san daga inda abin yake fitowa, domin duk sanda alamar makirfon tsohon ta haska ne muryoyi ke dawowa. Amma wa zai dubi uban matarsa, mai shekara ashirin da bakwai a sana'ar sauti, ya ce Baba kai ne? Sai ya ce to, za a duba.

Ga kuma wata masifar da ta taso tun da aka soka ɗan filas ɗin. Ana yawan kashe shi, kuma kusan kullum ba ya jin zuwan mai kashe shi. Sauran na cewa sun ji taku, shi bai ji ba. Ya yanke hukunci cewa sautin kewaye ne babu, wanda ke nuna wa mutum gaba da baya da gefe. Ya sauke manhajar hedifon ya kunna nata. Ya shiga saitin kwamfuta ya kunna nata. Ya shiga wasan ya zaɓi tsarin lasifika bakwai, alhali kofuna biyu ne a kansa. Sauti ya zama kamar ana buga wasa a cikin tankin ruwa, taku na zuwa daga ko'ina kuma ba daga ko'ina ba. Ya kashe wannan, ya kunna wancan, ya rubuta gwaje-gwaje a bayan takardar gayyata, ya yi mako biyu yana wannan aiki. A ƙarshe ya daki teburin har gwangwanin kusoshi ya kife.

A tsakiyar wannan ne wani abu ya faru a wurin aiki. Ana taron yaye ɗalibai, shugaban makaranta ya matsa gaban lasifika da makirfo a hannu, sauti ya yi wannan siririn kukan mai huda kai. Ɗaya-Biyu yana zaune bayan miksa, gefensa na hagu na fuskantar dandamali, yana kallon takarda. Bai ankara ba sai da ya ɗaga kai ya ga jama'a sun toshe kunnuwa, sannan ya ja ma'auni ƙasa. Daƙiƙa uku ne ko huɗu. Ba wanda ya yi masa magana, ya tuƙa motar kaya zuwa gida. Bai faɗa wa matarsa ba, kuma abincin ranar bai shiga ba.

Ranar hutu, suna kwance a bayan wata rusasshiyar mota a cikin wasan, ya ga shiru ya yi, sai ya faɗa. Ya ba da labarin tun daga farko, a hankali, idonsa na kan allo. Ya ce abin ya ba shi tsoro, ya ce bai san abin da zai yi ba in kunnensa ya fara cin amanarsa. Tun da yake bai taɓa furta magana irin wannan ba. Ya gama, ya jira.

'Yarsa ta ce wa mijinta ya miƙo mata harsashi. Dogo ya yi wani barkwanci, suka yi dariya.

Ya zauna kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya yi zaton sun ji, sun ga abin bai kai a tanka ba. Haushi ya taso masa, ya fara zazzaga faɗa, nan ma ba wanda ya kula. Sai da ya rubuta a akwatin saƙo, da yatsa ɗaya, cewa ba da ku nake magana ba ne? Dogo, wanda Allah bai ba shi birki a baki ba, ya rubuto cewa ai Baba mako uku ke nan da suka rufe muryarsa saboda amsa-kuwwa, shi ya ɗauka an faɗa masa.

Mako uku. Ya tuna labaran da ya bayar, da shawarwarin da ya yi ta rabawa, da waƙar da ya ɗan rera ranar da suka ci wasa. Ashe da bango yake hira. Ya tuna yadda 'yar kan ce "to Baba" jefi-jefi, ashe in ta ga alamarsa ta haska ne take jefa kalmar don kada ya ji babu daɗi. Ya rufe laftof ɗin ba tare da sallama ba.

Ta kira shi sau huɗu kafin ya ɗauka. Ta ba shi haƙuri, ta ce ta rasa yadda za ta faɗa masa ne, ta san halinsa a kan sana'arsa. Sannan ta ce ƙanin mijinta ya daɗe yana son shiga ƙungiyar, ko Baba zai huta mako biyu ko uku har a gyara kayan. Ya san irin wannan hutun. Shi ma ya sha ba masu waƙa marasa murya irinsa, ba kuma wanda ya taɓa dawowa. Ya ce a ba shi mako ɗaya, ya miƙa wa mamanta wayar.

Wanzami ba ya son jarfa. Sai da ya yi kwana biyu yana kewaya maganar kafin ya naɗe laftof da hedifon a jaka ya nufi shagon gyaran kwamfuta da ke bene na biyu na wani rukunin shaguna. Mai shagon mace ce, za ta yi shekara arba'in, da tabarau a goshi da ƙaramin sukundireba a bayan kunne. Ɗakin cike yake da buɗaɗɗun injuna, ga ƙamshin dalma. Kafin ta ce komai ya gabatar da kansa da shekarunsa a sana'a, ya kuma sanar da ita cewa hedifon ɗin jabu ne, shaida kawai ya zo nema.

Ta saurare shi tana danne-danne. Ta kashe sautin kewaye na kwamfuta da na manhaja, ta mayar da wasan kan tsarin hedifon. Ta ce masa guda ɗaya ake kunnawa, in an jera uku kowanne sai ya sake murɗa abin da ɗan'uwansa ya riga ya murɗa, kuma in ka ce wa wasa lasifika bakwai gare ka, yana iya aika taku zuwa lasifikar da babu ita. Ta ga ƙarfin makirfo, ta ɗaga gira, ta sauke ƙarin, ta mayar da abin hana amsa-kuwwa. Ya ce yanzu ai ba za a ji shi ba. Ta sa hedifon a kanta, ta ɗauki muryarta, ta kunna masa. Murya ta fito ras.

Ta kira mai shagon da ke kusa ta cikin manhajar hira, ya yi magana daga can, ya ce ba ya jin wata amsa-kuwwa. Ta ma mayar da saitin yadda ya zo da shi don gwaji, abin da ya dawo ɗan kaɗan ne, ba irin wanda aka kwatanta ba. Ɗaya-Biyu ya ji daɗi, ya ce ai ya faɗa, kayan yaran ne. Ita kuwa ta girgiza kai. Ta ce amsa-kuwwa a hira ba ta damun mai ita. Muryar mutane ce ke fita daga kunnenka, ta shiga makirfonka, ta koma musu. In mutum uku na ji, ɗaya ba ya ji, to gidan wannan ɗayan za a bincika. Ya buɗe baki zai yi gardama, sai ya ga maganar daidai take da abin da shi kansa ya koya wa ma'aikata da yawa, ya rufe.

Ta ce ya zauna ya buga wasan kamar yadda yake yi a gida, ita za ta kalla. Ya zauna, ya gyara kujera, ya ɗora hedifon a ka. Sannan hannunsa ya tashi da kansa ya ture kofin hagu baya, ya ɗora shi a bayan kunne.

Ta ce, "Tsaya, Malam. Me ka yi yanzu?"

Bai gane ba. Ta nuna masa a madubin da ke bango. Haka duk mai haɗa sauti yake sa hedifon a wurin taro, kunne ɗaya na sauraron miksa, ɗaya na sauraron zaure. Ya yi shekara ashirin da bakwai yana yi, har ya daina sanin yana yi. To amma makirfon a jikin kofin hagu yake. Da ya ture kofin, makirfon ya bar bakinsa ya koma wajen kumatu yana kallon sama, shi ya sa murya ta yi ƙasa. Kofin kuma ya zauna a buɗe, yana zuba muryoyin mutane a iska, taƙi ɗaya daga makirfon da aka ƙure wa ƙarfi. Duk takun da ya zo ta hagu kuwa a bayan kunnensa yake ƙarewa. Mako shida na wahala, da faɗa, da zargin mutane, ashe hannunsa ne.

Kunya ta rufe shi, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya mayar da kofin kan kunne, ta gyara masa makirfo kusa da gefen baki, yatsu biyu tsakani. Ta ce bari a gwada gefe da gefe a rufe magana. Ta danna, ƙararrawa ta buga a dama, ya gyaɗa kai. Ta sake dannawa. Ya zauna yana jira ta danna.

Ta dube shi. Ta ƙara sauti ta sake. Ya ji wani abu can nesa, kamar ana buga kwano a gidan maƙwabta. Ya ce kofin hagun ya mutu. Ta cire hedifon ta juya shi, ta ɗora masa kofin hagun a kunnen dama, ta danna. Ƙararrawar ta buga har sai da ya zabura.

Ashe kofin lafiyarsa lau, kunnen hagun ne. Ya daɗe da sani, in gaskiya za a faɗa. Ya san dalilin da ya sa yake riƙe waya a dama, da dalilin da ya sa yake zaɓar kujerar ƙarshe a tebur. Sani daban, a danna maka maɓalli a gaban baƙuwa daban. Ta ce ita ba likita ba ce, ya je a auna masa kunnen, kada ya ja lokaci, kuma ya rage ƙarar nan da yake ƙurewa, domin na daman ne ke ɗaukar dukan. Ta nuna masa wani saiti da ke haɗa sautin hagu da na dama ya zuba su a kowane kofi. Da shi zai ji kowane taku, amma ba zai san ta ina yake zuwa ba. Ta kunna masa alamar da wasan ke nunawa a allo in an yi motsi kusa. Ta ce iyakar abin da saiti zai iya ke nan.

Ya sauko benen yana jin haushin kowa, har da mai gyaran da ta yi masa aiki mai kyau. Ya so a ce jabu ne. Da jabu ne, da ya sayi wani ya huta.

Ranar hutu ya shiga da wuri. Kofuna biyu a kan kunnuwa, abin ya dame shi, yana jin kamar an kulle shi a akwati, sau biyu yana kama hannunsa a hanya. Sunayensu suka bayyana a allo. Ya rubuta cewa a buɗe muryarsa. Ya buga kan makirfon da yatsa, ya gaishe su da muryarsa ta zaman gida.

Surukin ya yi magana ya saurara, ba abin da ya dawo. Dogo ya ce yau Baba kamar a gidan rediyo. Surukin, don ya wanke uban matarsa, ya ce ai daman waɗannan kamfanonin ba sa yin kaya masu kyau. Ga ƙofa an buɗe masa, da ya bi ta da shi ke nan, ba wanda zai sake tayar da maganar. Ya dubi ƙofar ya ƙi shiga. Ya ce ba laifin kamfani ba ne, shi ne, ya faɗi yadda yake ture kofin. Sannan ya ce kunnensa na hagu ya kusa tafiya, jibi zai je asibiti, kuma daga yau zai ji abokan gaba amma ba zai san gefen da suke ba. In suna son mai kunne biyu, a ba ƙanin nan gurbin, ba zai ji haushi ba. Ƙarya yake yi, zai ji, kuma duk sun sani.

'Yarsa ce ta yi magana.

"Baba, na fi shekara biyar da sani. Ni fa ma'aikaciyar jinya ce. Tun ina gida nake zama ta damanka in zan yi maka magana."

Ya ce to me ya hana ta faɗa?

"Wa zai faɗa maka? Ka duba allo, ka ga inda nake tsaye."

Ya duba. Sojanta na tsaye a hagun nasa, bindiga a ɗage, yana fuskantar waje. Ya yi ƙoƙarin tuna wasa ɗaya da ya waiga hagu bai gan ta ba, ya kasa. Shi da yake ta yi mata faɗa cewa ba ta iya neman wurin ɓuya mai kyau ba.

Ya so ya ce wani abu babba, abin ya ƙi fitowa, kuma yanzu makirfon na ɗaukar har numfashinsa. Ƙidayar fara wasa ta hau allo.

Ya ce, "To kada ki matsa daga nan."

"Ina nan, Baba. Kai dai ka kula da dama."